Tagar da ta yi fari fat a hoton ɗaki: wace hanya za ka bi ka mayar mata da waje?

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton falo da rana ya san abin da ke faruwa. Kujeru sun fito, labule ya fito, fentin bango ya yi kyau, amma taga ta zama farin allo, babu bishiya, babu sama, ko ƙarfen tagar ma ya narke. Idan kuma ka rage haske don wajen ya fito, sai ɗakin ya koma kamar an ɗauke wuta. Ba laifin kyamararka ba ne. A wani falon saukar baƙi da na ɗauka a Kano, a bene na farko, da misalin ƙarfe 11 na safe, ɗakin ya buƙaci kyamara ta buɗe idonta na rabin daƙiƙa a saitin f/8 da ISO 100, wajen kuwa 1/500 na daƙiƙa ya ishe shi. Wato hasken waje ya ninka na ciki kusan sau 250, mataki takwas ke nan a ma'aunin masu ɗaukar hoto, inda kowane mataki ninki biyu ne na wanda ya gabace shi. Ido yana iya jure wannan tazara domin yana sauyawa daga kallo zuwa kallo. Hoto guda ɗaya ba ya iyawa yadda ake so.

Hanyoyi huɗu ne a gabanka: ka ɗauki ainihin wajen a hoto na biyu tun kana wurin ka haɗa su, ko ka sa wani hoton wajen da hannu a kwamfuta, ko ka yi a waya, ko ka ba wa mai gyaran hoto ka biya shi. Na bi dukkansu a lokuta daban-daban, kuma da wancan falon zan riƙa misali. Tagarsa ta alminiyom ce mai zamewa, faɗinta mita 1.2, da ƙarfen bogila a bayanta, ƙasan ɗakin tayil ne mai sheƙi, akwai teburin gilashi a tsakiya da talabijin a bangon gefe.

Ma'aunin da za mu auna da shi

Kuɗi shi ne na farko, kuma ba kuɗin manhaja kaɗai ba, har da kayan aiki da lokacin da za ka zauna. Na biyu dorewa: idan mai gida ya dawo bayan wata uku ya ce a rage shuɗin sama, za ka iya taɓa wannan kaɗai, ko sai ka faro daga tushe? Idan aka buga hoton a babban allo, bakin tagar zai tsaya da kyau? Na uku sauƙi. Na huɗu haɗari, kuma iri biyu ne, akwai haɗarin a gane an yi gyara, akwai kuma haɗarin hoton ya yi wa mai kallo alkawarin abin da babu.

A kan haɗarin farko ne zan ɗan daɗe, domin shi ne yake raba hanyoyin nan da gaske. Mutane suna zaton aikin yana cikin murabba'in tagar. Abin da na gani shi ne, tagar ba kasafai take tona asiri ba. Tayil ne yake tonawa, da fuskar talabijin, da teburin gilashi, da gefen labule. Abubuwa uku ake dubawa.

Haske: waje dole ya fi ɗaki haske, ko da an danne shi. A ma'aunin launi da ke tashi daga 0 zuwa 255, nakan bar bangon da ke kusa da taga wajen 180 zuwa 200, sararin sama kuma wajen 225 zuwa 240. Da zarar sama ta fi bango duhu, tagar ta koma hoton da aka rataye.

Ƙyalli: hasken taga yana malalowa kan firam da bakin labule, yana cinye kaifinsu kaɗan. Idan aka yanke shi tas, wajen zai yi kamar an manna shi da gam.

Inuwar da abu mai sheƙi yake mayarwa, irin ta madubi: wannan tana da doka guda da ba ta karyewa, ba ta taɓa fin asalinta haske. Idan ka sauko da taga zuwa 230 ka bar hotonta a kan tayil yana 250, mai kallo ba zai san me ya dame shi ba, amma zai ji hoton bai zauna ba.

Hanya ta farko: ɗauko ainihin wajen tun kana wurin

Kana buƙatar kyamarar da za ka iya saita ta da hannu, da ƙafar kyamara mai tsayawa da kyau, da filasha idan akwai. Ka kafa kyamara, ka ɗauki hoton ɗaki yadda kake so. Ba tare da ka motsa ta ba, ka ƙara saurin ɗauka har wajen ya fito. A falon nan na tsaya a 1/200, ban kai 1/500 ba, saboda dalilai biyu. Yawancin kyamarori ba sa tafiya daidai da filasha idan aka wuce 1/200 ko 1/250. Sannan a 1/200 wajen ya ɗan fi ƙa'ida haske da mataki ɗaya da 'yan kai, wanda shi ne dai abin da ido yake sa ran gani daga cikin ɗaki.

Amfanin filashar shi ne ka haska firam ɗin tagar da bangon da ke kewaye da ita har su fi yadda suke a hoton farko haske. Ka tsaya a gefe, kada ka fuskanci gilashin kai tsaye, in ba haka ba filashar za ta dawo maka a matsayin farin tabo. A kwamfuta sai ka ɗora wannan hoton a kan na farko a matsayin leya, wato shimfiɗa ta daban, ka sa yanayin haɗin leyar a Darken. Wannan yanayi yana zaɓar wanda ya fi duhu a kowane ɗigo. A cikin gilashi hoto na biyu ne ya fi duhu, don haka wajen zai fito. A kan firam da bango hoton farko ne ya fi duhu, don haka su za su zauna yadda suke. Ka sa baƙin Layer Mask, wato mayafin da ke ɓoye leyar, ka goge da farin buroshi a kan tagar kawai. Ba sai ka bi ƙarfen bogila ɗaya bayan ɗaya ba. Minti biyar sun isa.

Idan babu filasha, ka ɗauki hotuna uku zuwa biyar masu tazarar mataki biyu-biyu, ka haɗa su da Photo Merge sannan HDR a Lightroom, ko da hannu. Yana aiki, sai dai bakin firam yakan yi duhu-duhu kamar an shafa masa gawayi, ganyen da iska ke kaɗawa kuma yakan fito biyu-biyu.

Babban abin da wannan hanya take da shi, wanda sauran ba su da shi, shi ne hoto na biyun ya zo da gaskiyar komai. Girman bishiya daidai ne, inda rana ta faɗo daidai ne, har hoton tagar da ke kan tayil da teburi yana ciki da ainihin launinsa. Sai ka goge mayafin a kansu da buroshi mai rauni, kamar kashi 30 cikin ɗari, su ma su sauko tare da tagar. Kuɗinta yana cikin kayan aiki, sau ɗaya ake saya. Iyakarta kuwa a fili take. Dole ka kasance a wurin, kuma abin da ke waje shi za ka samu. Idan katangar maƙwabci ce da tankin ruwa, su ne za su fito.

Hanya ta biyu: sa wani hoton wajen da hannu a kwamfuta

Wannan ita ce ta wanda aka turo masa hoto guda, tagar ta riga ta ƙone. Kafin komai ka gwada ko akwai sauran abu a cikinta. Idan fayil ɗin RAW ne, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, jan Highlights ƙasa yakan dawo da mataki ɗaya, wani lokaci ya ɗan wuce. Idan JPEG ne kuma tagar ta kai 255 a duk launuka uku, babu abin da ya rage, duk jan da za ka yi toka-toka kawai za ka samu.

Manhajar ba ita ce matsala ba. Photoshop kuɗin wata-wata ake biya, tun 2013 kamfanin Adobe ya daina fitar da sabo na saye sau ɗaya. GIMP kyauta ne, kuma tun fitowar na 3.0 a 2025 ana iya komawa a gyara tacewar da aka sa wa leya ba tare da an rushe aiki ba. Photopea yana buɗewa a burauza, kyauta da talla, yana karanta fayil ɗin PSD na Photoshop. Duk ukun suna da leya, da mayafi, da Multiply da Screen, kuma abin da aikin yake nema ke nan.

Mafi wuyar mataki yana zuwa tun kafin ka buɗe manhajar, wato zaɓen hoton wajen. Wanda ya fi shi ne a ce wa mai gida ya tsaya a bakin wannan tagar, a irin lokacin da aka ɗauki hoton, ya ɗauko wajen da waya. Idan hakan bai samu ba, ka nemi naka hoton da ya yi daidai da wurin ta fuska uku. Tsayi: ɗakin bene yana kallon saman bishiyoyi da rufin gidaje, ɗakin ƙasa yana kallon gindinsu. Rana: idan hasken rana ya kwanta a ƙasan ɗakin daga hagu, inuwar bishiyoyin waje ba za ta ce rana tana dama ba. Idan babu ɗigon rana a ɗakin ko kaɗan, wajen ma ya zama mai laushin haske. Yanayi: sararin hunturu fari-fari ne mai ƙura, na damina shuɗi ne mai gajimare, kuma hasken da ya shigo ɗakin yana ɗauke da alamar lokacinsa. Na sha ganin falon Kano da aka sa wa shuɗin sama mai kauri da korayen ciyayi, alhali hasken da ke kan kujerun na watan Janairu ne.

Daga nan sai matsayi da girma, inda mafi yawan masu koyo suke faɗuwa. Layin da sama ta haɗu da ƙasa a nesa kullum yana daidai da tsayin kyamara. Ka ja layi ka bi bakin silin, ka ja wani ka bi gindin bangon gefe, inda suka haɗu nan ne tsayin idon kyamarar, kuma nan layin nesa na hoton wajen zai zauna, ko ɗakin yana bene na nawa.

Girma kuwa lissafi ne mai sauƙi. Tagar falon nan mita 1.2 ce, kyamara tana nesa da ita mita 4. Abin da ake iya hangowa ta cikinta bai wuce digiri 17 ba. Hoton waya na yau da kullum yana ɗauko kusan digiri 67 a faɗi. Ashe kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin hoton wayar ne kaɗai ya kamata ya bayyana a tagar. Wanda ya matse dukan hoton cikin taga, da gidaje goma da titi da sama, ya mayar da unguwar abin wasan yara. A nawa, darbejiya guda ce da gefen rufin kwano suka shiga, sauran duk ya ɓuya a bayan bango.

Yankan tagar ana yin sa da Pen Tool, ko Paths a GIMP, ka bi cikin firam ka shiga kansa da kamar fiksel ɗaya, ka sassauta bakin da rabin fiksel zuwa ɗaya. Ƙarfen bogila da ragar sauro da labule mai shara-shara su ne ciwon kai, amma farin tagar da kansa yana taimakawa. Ka sa leyar wajen a Multiply. Inda yake fari tas wajen zai fito cikakke, inda ƙarfe yake da duhu zai zauna a gaba. Matsalar da ke saura ita ce haske ya riga ya cinye bakin ƙarfen, ya sirance shi, wani lokaci da layin shunayya a gefe. Sai ka cire launin gefen, ka sake zana ƙarfen a sabuwar leya da launin da ka ɗebo daga jikinsa, kana riƙe Shift don layin ya miƙe. A nan lokaci yake tafiya. Tagar luba ta fi kowace wahala, domin kowane gilashi da kusurwarsa da nasa ƙyallin.

Sai haske. Hoton waje da aka ɗauka daidai yakan yi duhu da kaifi fiye da kima idan aka sa shi a taga. Ka sa Curves a kansa shi kaɗai, a Photoshop da Ctrl+Alt+G, ka ɗaga tsakiya, ka kuma ɗaga baƙin ƙasa yadda inuwar ganye ba za ta kai baƙi ƙirin ba. Gilashi da ƙura da raga duk suna rage kaifin abin da ke bayansu. Ka rage kaurin launi da kashi 15 zuwa 25. Ka duba launin haske ma. Idan an daidaita hoton ɗakin da ƙwai mai ruwan ɗorawa, irin na 3000K, hasken rana mai kusan 5500K zai karkata zuwa shuɗi, kuma za ka ga shaidar haka a bakin tagar. Ka bi wannan shaidar. Ka ɗan ɓata kaifin wajen da Gaussian Blur na fiksel ɗaya, ka sa masa Add Noise kaɗan har yashinsa ya yi daidai da na bangon ɗakin idan ka zuƙo hoton zuwa 100%.

Ƙyallin kuma a mayar da shi. Ka kwafi leyar wajen, ka ɓata ta sosai da Gaussian Blur na fiksel 30 ko 40 a hoto mai faɗin fiksel 6000, ka sa ta a Screen da ƙarfin kashi 20, ka bar ta ta malalo kan firam da bakin labule.

Akwai wata al'ada da nake so a bari, ta zana farin layi a karkace a kan gilashi wai don a san gilashi ne. Gilashin taga yana mayar da kusan kashi 8 cikin ɗari na hasken da ya faɗo masa kai tsaye. Da rana, ɗakin da waje ya ninka shi sau 250, kashi 8 na haskensa ba abin da ido zai gani ba ne, in ban da ƙwan lantarki da ke kunne. Da magariba lamarin yana juyewa, waje ya yi duhu, gilashin ya zama rabin madubi, fitilu da kujeru su bayyana a jikinsa. Idan hoton magariba ne, ka kwafi ainihin gilashin ka ɗora shi a saman wajen a Screen, hoton ɗakin da ke jikinsa zai dawo da kansa.

Na ƙarshe shi ne tayil. Ka fara danne farin tabon da Curves har ya sauka ƙasa da hasken tagar. Ka kwafi tagar da firam ɗinta, ka kifa ta da Flip Vertical. Idan bakin tagar yana da tazara daga ƙasa, hotonta yana farawa da irin wannan tazarar ƙasa da layin da bango ya haɗu da tayil. Akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba. Tayil daga ƙasa yake kallon tagar, saboda haka ya fi kyamara ganin sama. A falon nan kyamara tana ganin darbejiya har rabin taga, amma a kan tayil kan bishiyar kawai ya dace ya fito, sauran sama ce. Ka ɓata shi daidai da santsin tayil ɗin, ka sauke ƙarfinsa zuwa kashi 25 ko 30, ka goge shi daga kan kafet da ƙafafun kujera. Teburin gilashi yana son hoton da ya fi wannan kaifi. Talabijin kuwa sau da yawa danne farin da ɗan shafa masa launin sama ya wadatar.

Wannan tagar ta ci min kusan awa ɗaya da rabi. Amma fayil ɗin PSD ko XCF na GIMP yana nan da leyoyinsa, duk abin da aka ce a sauya minti biyu ne.

Hanya ta uku: waya

Snapseed kyauta ne kuma yana da Double Exposure. Ka buɗe hoton ɗaki, ka ɗora na waje, ka zaɓi Darken, ka daidaita matsayinsa, sannan ka koma jerin gyare-gyaren ka goge da buroshi inda kake so ya tsaya. Ga taga ɗaya mara ƙarfe, a ɗakin da ke da kafet ko siminti mara sheƙi, sakamakon ya isa a sa a WhatsApp ko Facebook. Yatsa ba ya bin layin firam kamar linzamin kwamfuta, don haka sai ka zuƙo sosai. Inda take gazawa shi ne wajen tayil da teburi, domin kowanne sai ka sake zagaye, kuma daidaita hasken wajen shi kaɗai yana da wuya bayan an ɗora shi. Gara ka haskaka hoton wajen tun kafin ka shigo da shi. Da zarar ka fitar da hoton a JPEG ka tura, komai ya haɗe.

Wayoyin yanzu suna haɗa hotuna da dama da kansu, don haka kafin ka shiga wannan wahala ka gwada kunna HDR, ka kunna fitilun ɗaki duka, ka ɗauka da sassafe ko dab da magariba lokacin da tazarar ciki da waje ta ragu. Sau da yawa tagar tana fitowa ba tare da wani gyara ba.

Hanya ta huɗu: ba wa mai gyara

Kan kowane hoto ake biya, kuma taga mai ƙarfe da tayil ta fi tsada, ya kamata ma ta fi. Ka tura masa ainihin fayil ɗin, idan ta WhatsApp ne ka tura a matsayin Document, domin turawar hoto ta yau da kullum tana matse shi ta lalata bakin firam. Ka haɗa masa da hoton wajen na gaske. Idan ba ka ba shi ba, zai ɗauko wanda ya samu a intanet, watakila mai haƙƙin mallakar wani, watakila da bishiyoyin da ba sa tsirowa a garinku. Ku yi magana tun farko ko zai ba ka fayil mai leyoyi. Idan aikin ya dawo, ka fara duba ƙasa da teburi da talabijin kafin ka kalli tagar.

| Hanya | Kuɗi | Dorewa | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Hoto na biyu a wurin | Kayan aiki, sau ɗaya | Mai ƙarfi, tana jure babban bugu | Minti biyar idan an ɗauka daidai | Mafi ƙanƙanta, wajen na gaske ne |
| Sauyawa a kwamfuta | Kyauta ko biyan wata-wata | Mai ƙarfi idan an ajiye leyoyi | Awa ɗaya ko fiye, sai da koyo | Kuskuren girma da tayil, da ruɗin mai kallo |
| Waya | Kyauta | Mai rauni, ba ta son a zuƙo | Mai sauƙi ga taga mara ƙarfe | Ana saurin ganewa a ɗaki mai sheƙi |
| Mai gyara | Kan kowane hoto | Ya danganta da fayil ɗin da ya bayar | Babu wahala a kanka | Hoton aro, da wajen da bai dace ba |

Wacce ta dace da kai

Idan dillali ne kai, ko mai otal, ko mai gidan saukar baƙi, hoton nan alkawari ne ga wanda zai biya kuɗi. Hanya ta farko ce taka. Idan ta wuce ka, ta biyu ko ta huɗu, amma da hoton da aka ɗauka daga wannan tagar ba wata ba. Baƙon da ya ga lambu a hoto ya zo ya tarar da katanga da janareta ba zai yarda da sauran hotunanka ba, kuma yana da gaskiya. Idan wajen ba ya kyau, ka saki labule mai shara-shara kafin ka ɗauka, ko ka bar tagar da haske mai laushi wanda firam da ƙarfe suka fito amma wajen bai fito sosai ba.

Idan kujeru kake sayarwa, ko labule, ko kana nuna aikin fenti da silin, ba wanda yake sayen abin da ke bayan taga, don haka kana da 'yancin sa wani wajen. Hanya ta biyu ce ta fi maka, kuma ka zaɓi waje mai sauƙi, sama da ɗan ganye, wanda ba zai ja ido daga kayan ba.

Idan hoton iyali ne da aka ɗauka a falo ranar suna ko salla, za a tura wa 'yan uwa, waya ta isa, musamman idan mutanen ba su tsaya a gaban tagar ba. Idan sun tsaya, gefen mayafi da hula da gashi sun shiga cikin farin, ka kai wa mai gyara.

Idan kuma kai ne mai ɗaukar hoton gidaje a matsayin sana'a, ka sayi ƙafar kyamara da filasha kafin ka biya kuɗin kowace manhaja, ka saba da ɗaukar hoto na biyun a kowane ɗaki ko da kana ganin ba za ka buƙace shi ba. Hanya ta biyu ka koye ta a GIMP ko Photopea don ranar da za a turo maka JPEG guda ɗaya mai farar taga, ka fara gwaji da ɗaki mai kafet da taga mara ƙarfe, sannan ka matsa zuwa mai tayil.